Gadon Bakin Taga

A ƙarshen barandar ƙaramin asibitin akwai ƙofofi biyu da ke kallon juna. Ɗaya ta ɗakin wankin ciwo ce, ɗayar ta ɗakin allura. Mai ɗakin wankin ciwo ita ake kira Sista Tsaf, kuma ba a banza sunan ya bi ta ba. Almakashinta yana da wurin kwanciyarsa, hantsaki yana da nasa, ko filasta mutum ya ɗauka ya mayar sai ta gane an taɓa. Masu shara suna shakkarta, likita ma idan zai shiga sai ya karkaɗe takalmi. Ba muguwa ba ce. Sakin fuska ne dai ba ta iya ba, kuma ta daɗe da daina gwadawa.

Mai ɗakin allura kuwa Bahaguwa ake ce mata, don da hagu take komai, har tsira wa jarirai allura. Gajera ce mai yawan dariya, irin mutanen da ake jin zuwansu kafin a gan su. Lokacin da aka fara kawo ta asibitin, shekaru da dama da suka wuce, ɗakin wankin ciwo aka tura ta. Mako guda ba ta rufa ba. Aka buɗe wata ƙafa da ta ruɓe, warin ya buge ta, ta fita a guje tana amai a bakin kwata. Tsaf ce da kanta ta je wajen Babbar Sista, shugabar nas-nas, ta ce yarinyar nan hannunta yana da kyau, hancinta ne ba na nan ba, a mayar da ita allura. Daga ranar Bahaguwa ta fara ce mata Yaya, kuma har yau ita kaɗai ce a asibitin take kiranta haka.

Kullum da rana su biyun suna zama a kan wani benci a bayan asibitin, ƙarƙashin tankin ruwa, kowa da kwanon abincinta. Bahaguwa ba ta cin albasa, sai ta tsince ta zuba a kwanon Tsaf ba tare da ta tambaya ba. Ita ke surutun, Tsaf ke sauraro tana cewa "Allah ya shirye ki." In ban da wannan bencin, Tsaf ba ta da wani wuri a duniya da take dariya har haƙoranta su fito. Ta san haka, amma ba za ta faɗa ba ko da an matsa mata.

Sai aka gano ƙari a mahaifar Tsaf, aka yi mata aiki, aka ce ta kwanta a gida. Kwanciyar ta ja har wata biyu da ɗoriya. Hukumar asibitin ba ta turo kowa ya maye gurbinta ba, kamar yadda ba ta taɓa turowa. Abin da kawai Tsaf ta ji shi ne saƙon Babbar Sista cewa ta kwantar da hankalinta, Bahaguwa ta riƙe mata ɗakin. A lokacin zafin ɗinki ya fi ƙarfin tunaninta, ta ce to, ta juya.

Bahaguwa takan zo dubiya da leda cike da lemo da labarin kowa da kowa. Idan Tsaf ta ce, "Ya ɗakina?" sai ta ce, "Yana nan, bai gudu ba. Sha lemonki." Ko sau ɗaya ba ta kira ta a waya don tambayar ina kaza yake ba.

Jinyar ta fi aikin ci wa Tsaf rai. Ita ce babba a gidansu, ita ta yi jinyar uwarsu, ita ake kira idan ɗan wani ya ƙone da ruwan zafi. Yanzu ga ta ana riƙe mata hannu zuwa banɗaki. Duk wanda ya yi mata wani abu sai ta ji kamar ya ɗora mata kaya a ka. Maigidanta, wani malamin sakandare mai sanyin hali da son tsokana, ya ce bai taɓa ganin mai cewa "na gode" kamar ana cire mata haƙori ba sai ita.

Ranar da ta koma aiki ta riga kowa zuwa. Ta buɗe ɗakin, ta tsaya cak. Gadon da ake kwantar da masu ciwo, wanda tun fil'azal yake jikin bango kusa da famfo, an ja shi har bakin taga. Tebur mai taya da ake jera kayan aiki a kai ya koma hagun gado. Almakashi da hantsaki duk sun juya. Labulen tagar ma an naɗe shi an ɗaure da bandeji. Komai fes yake, tukunyar dafa kayan aiki tana sheƙi, auduga da ruwan gishiri ba abin da ya yanke, amma ba wannan idonta ya gani ba.

Ta ajiye jaka, ta kira mai shara ya kama mata. Suka tura gadon ya koma jikin bango. Tana cikin juya teburin tana cewa, "Wai wa ya hargitsa min ɗaki haka? Mutum ya ɗan juya baya sai a mayar masa da wuri kasuwa," sai ta ji motsi a bayanta.

Bahaguwa ce a bakin ƙofa, da makullin kabad a hannu ɗaya, da katunan marasa lafiya a ɗayan, fuskarta cike da dariyar da ta taho da ita tun daga bakin get. Dariyar ta ɗan tsaya a fuskar, sannan ta sauka.

"Sannu da dawowa," ta ce. "Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Ke ce kika matsar da gadon?"

"Ni ce."

"Ai rana tana dukan wurin. Kuma ya yi nisa da famfo."

"Haka ne," in ji Bahaguwa. Ta miƙa makulli, ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya tana bayani: wanda ya warke aka sallame shi, wanda aka tura babban asibiti, wadda aka cire wa zare, wanda filasta ke sa wa ƙaiƙayi. Bayani ne mai kyau, ba abin da ta tsallake. Tsaf tana jin "na gode" yana yawo a maƙogwaronta, amma ta ga ai ba a tsaye a bakin ƙofa ake godiyar wata biyu ba, abu ne da ke son shiri. Kafin ta yanke shawara wani jariri ya tsala ihu a ɗakin allura, Bahaguwa ta juya ta tafi.

Ranar ba su zauna a benci ba, don layi ya yi tsawo. Da yamma a gida Tsaf ta zauna da wayarta ta shirya godiyar. Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa, har shayinta ya huce. Daga ƙarshe ta tura a zauren ma'aikatan asibitin na waya, inda kowa zai gani:

"Ina amfani da wannan dama in miƙa godiyata ga hukumar asibiti da ɗaukacin ma'aikata bisa addu'o'i da kulawa. Haka nan ina yaba wa abokiyar aiki mai kula da ɗakin allura bisa namijin ƙoƙarin da ta nuna wajen gudanar da ayyukan sashena a lokacin da ba na nan. Allah ya saka wa kowa da alheri."

Ta karanta wa maigidan tana jiran yabo. Ya sauke tabarau ya dube ta.

"Wace ce abokiyar aiki mai kula da ɗakin allura?"

"Bahaguwa mana."

"Au. Na zaci wata baƙuwa aka kawo muku. Wannan ai sai a karanta shi a lasifika ranar sallamar ma'aikaci."

"Malam, kai komai wasa ne a wajenka."

Amin-amin suka yi ta shigowa daga ma'aikata. Na Bahaguwa ya zo daga baya, gajere: "Babu damuwa, Sista. Aiki ne." Tsaf ta daɗe tana kallon kalmar Sista. Kowa haka yake kiranta, amma daga wannan bakin ba ta taɓa jin ta ba.

Washegari da rana ta ɗauki kwanonta ta tafi bayan asibiti. Ta zauna a gefenta na benci ta bar ɗaya gefen. Tanki yana ɗiga a inda ya saba ɗiga. Ta ci rabin abincin, ta rufe. Da ta dawo ta ga ƙofar ɗakin allura a sakaye, ana jiyo ƙarar cokali a ciki. Kashegari ma haka. Idan sun haɗu a baranda Bahaguwa takan gaishe ta da ladabi, har da ɗan rusunawa, irin gaisuwar da take yi wa likita. Ba fushi a fuskarta, ba gaba. Da ma faɗa ta yi, da Tsaf ta san inda za ta kama.

Sai ta yi abin da masu irin halinta suke yi, ta tafi kasuwa. Ta zaɓi jakar hannu mai kyau, aka naɗe ta a takarda mai ƙyalli, ta ba mai shara ya kai. Ba a jima ba ya dawo ya ce an ce an gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi.

"Aikawa kika yi?" in ji maigidan da ya ji labari. "Ƙofa tana kallon ƙofa? Da kin bari na kai miki tasha an sa a mota."

"To me kuma ake so in yi? Na yi godiya a gaban kowa. Na ba da kyauta."

"Kin tambaye ta yadda ta yi?"

"Yadda ta yi me?"

"Aikin. Wata biyun."

"Ai na ga katunan. Komai daidai."

Ya mayar da tabaransa, ya ci gaba da duba takardun ɗalibansa. Tsaf ta ji haushinsa, ta kuma ji tsoro, wanda ya fi haushin yawa. Ta fara ganin cewa bencin nan zai iya zama nata ita kaɗai har ta yi ritaya.

A ƙarshen makon Baba Direba ya zo. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a tuƙin manyan motoci, ciwon suga ya buɗe masa rami a tafin ƙafa. Ya fi kowa daɗewa yana zuwa ɗakin, kuma ƙafarsa ta fi ta kowa wari. Kafin Tsaf ta tafi jinya likita ya fara maganar ko za a yanke yatsu.

"A'a, Sista! An dawo? Sannu, sannu. Ai mun yi ta addu'a." Ya dogara sandarsa ya nufi taga, sai ya tsaya. "Af. An mayar da gadon."

"Nan ne wurinsa, Baba."

Ya hau. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu da takunkumi, ta jiƙa tsohon bandejin da ruwan gishiri don kada ya fizgo nama, ta ɗaga shi a hankali. Ramin da ta bari mai zurfi, baƙi-baƙi a gefe, ya cike ya zama ja mai kyau, fata sabuwa tana tahowa daga baki-baki. An yi ta yanke mataccen naman a kan kari, ba a yi ganganci ba, ba a kuma ji tsoro ba. Abu na farko da Tsaf ta ji kishi ne, tsagwaronsa, don ba a hannunta ƙafar ta juyo ba. Daga baya farin cikin ya biyo.

"Ƙafa ta yi kyau, Baba."

"Ai 'yar gajerar nan ta yi ƙoƙari. Ko da yake ta sha wuya, baiwar Allah. Ni har kunya nake ji."

"Wuyar me?"

"Wari mana. Ke ai kin saba, ko a jikinki. Ita kuwa da ta buɗe sai in ga idonta ya kawo ruwa. Farko-farko fita take yi a guje, in ji ta a bakin kwata, ta dawo ta sake wanke hannu ta canza safa, ta ce, 'Baba, ina muka tsaya? Kun isa kan gadar ko?' Labarin hanya nake ba ta, ta ce yana ɗauke mata hankali. Da abin ya ƙi, shi ne ta ja gadon can. Ta yi aiki kaɗan, ta miƙa kai waje ta shaƙi iska, ta dawo. Kamar mai ninƙaya."

Tsaf ta sake ɗaukar auduga. Hannunta ya ci gaba da aikinsa, daga tsakiyar ciwon zuwa waje, auduga ɗaya shafa ɗaya, a jefar.

"Na ce mata, 'Yarinya, ki bari wani ya yi.' Ta ce, 'Wa zai yi?' Ta ce Yayarta ta bar mata ƙafar nan da yatsu biyar, da biyar za ta mayar mata. Wani mako da na gaji na ƙi zuwa, ɗana ta kira a waya ta wanke shi tas, sai ga shi ya ɗauko ni a babur."

Tsaf ta naɗe ƙafar, ta manna filasta, ta taimaka masa ya sa takalminsa mai faɗi. Da ya fita ta cire safa ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ita ce fa ta je wajen Babbar Sista shekarun baya ta ce hancin yarinyar nan ba na nan ba ne. Ita ta faɗa da bakinta. Amma a duk tsawon jinyar nan, da duk lemon da ta sha, ko sau ɗaya abin bai faɗo mata a rai ba, don ta shagala da jin nauyin an taimake ta har ta manta da wadda ta yi taimakon.

Ta jawo aljihun tebur na ƙasa tana neman sabon filasta. A can ciki, bayan kwalin takunkumi, ta ga wani ɗan gwangwanin man zafi, irin wanda ake shafa wa mai mura. Ta buɗe. An lakace shi har ƙasa, sai ɗan saura a gefe da sawun yatsa. Ta ɗauki takunkumi ɗaya da ke saman kwalin ta sansana, ƙamshin man ya hau mata kai. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba ko a ranar da ake riƙe ta zuwa banɗaki.

Ba ta nufi ɗakin allura kai tsaye ba. Ta fara zuwa ofishin Babbar Sista, ta tambayi yadda aka yi aikin ya faɗa kan Bahaguwa.

"Faɗawa? Ita ta ɗauka. Na tambaya a taron safe, kowa ya kama kallon takalminsa. Ta ce za ta riƙa gama allura da rigakafi, ta tsallaka ɗakinki. Da yawa sai bayan an tashi take tafiya." Babbar Sista ta ɗago. "Ba ta gaya miki ta ɗage hutunta ba? Da 'yarta ta haihu ai kwana biyu kawai ta je ta yi ta dawo."

Tsaf ta san da haihuwar, har ta aika da kayan jariri daga kan gadon jinya. Ba ta taɓa tambayar me ya sa sabuwar kaka take yawo da ledar lemo a nan, maimakon tana can garin da 'yarta ke aure tana wankan jika ba.

"Idan ta tafi hutun yanzu, wa zai riƙe allura?"

"Shi ne matsalar."

"Ni zan riƙe. Amma kada a sa rana tukuna, sai ta zaɓa da kanta. Kuma ina so a shigar a fayil ɗinta cewa ƙafar Baba Direba a hannunta ta warke, kada a zaci ni ce."

Babbar Sista ta dube ta ta saman tabarau. "Ke da kukan jarirai?"

"Zan iya."

Da rana ta yi, Tsaf ta ɗauki kwanonta, ta sa gwangwanin a aljihu. A baranda ta fara shirya jimloli, ta ji suna fitowa da "bisa" da "haka nan", sai ta watsar da su. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin allura, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tura.

Bahaguwa tana zaune a bayan tebur kusa da firjin rigakafi, kwanonta a buɗe. Ta tara albasa a murfin kwanon, tuli guda, ba inda za ta kai ta. Jakar nan tana kan kabad, ko takardar ba a yage ba.

"Sista, ana buƙatar wani abu ne?"

Tsaf ta zaro gwangwanin ta ajiye a kan tebur. Bahaguwa ta kalle shi, ta kau da kai.

"Au, na manta shi. Yi haƙuri, na bar miki tarkace."

"Na buɗe ƙafar Baba Direba yau," in ji Tsaf. "Ban taɓa zaton zan ga jan nama a wurin nan ba. Ke kika yi. Kuma ya gaya min yadda kika yi, da tagar, da bakin kwata. Ni na fi kowa sanin yadda warin nan yake miki, amma na shigo ban ce miki ko sannu ba, na kama ture gado. Ban kyauta ba."

"Ba komai, ai aiki..."

"Da komai. Kin bar jikarki kin zo kin tsaya kan ƙafar da ke sa ki amai, don in kwanta ban da tunani. Kuma na kwanta. Ko sau ɗaya ba ki kira ni ba. Na gode, Hagu. Wallahi na gode." Ta matso kusa da tebur. "Gaya min yadda kika yi. Ina son ji."

Bahaguwa ta ɗauki cokali ta ajiye. Ta juya ta kalli firji. Da ta juyo idonta ya cika, amma bakinta ya riga ya fara rawa irin ta mai shirin dariya.

"Kina son ji?"

"Ina so."

"Wallahi, Yaya, na ci baƙar wuya!" Ta buga tebur da hannun hagu. "Na sha azaba! Mako na farko ko nama ban iya ci ba. In koma gida in yi wanka, in sake, maigidan yana cewa wai ni lafiya? Warin a cikin hancina yake kwana. Man zafin nan kuwa har saɓa min leɓe ya yi. Kuma wane irin mutum ne yake ajiye almakashi a dama? Kwana nawa ina laluben iska! Ga Baba Direba da labarin gada, gadar nan mun hau ta ya fi a ƙirga, har yau ba mu sauka ba."

Tsaf ta fara dariya, ta dafe wurin ɗinkin don yana ja.

"Ki yi dariya mana. Sannan in zo da murnata, na yi miki goge-goge har da tukunya, in tarar kina cewa an mayar miki da ɗaki kasuwa. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga sanarwa. Abokiyar aiki mai kula da ɗakin allura! Na karanta na ce, oh, ashe ban da suna. Na yi kuka fa, Yaya. A kicin na tsaya na yi kuka, na ce wa yara hayaƙi ne."

Dariyar Tsaf ta tsaya. "Yi haƙuri."

"Sai kuma jaka. A hannun mai shara."

"Malam ya ce da na bari ya kai tasha."

Bahaguwa ta tuntsire har da tari, tana share ido da bayan hannu. Tsaf ta bar ta ta gama. Sannan ta gaya mata ta je wajen Babbar Sista, hutunta yana nan yana jiranta, ta zaɓi ranar da ta ga dama, ita za ta riƙe allura har ta dawo, kuma ba za ta kira ta a waya ba ko firji ne ya kama da wuta.

"Ke? Ranar rigakafi? Yaya, jarirai cike da baranda suna ihu lokaci guda. Ke da ko rediyo ba kya so."

"Ke da ba kya son wari fa?"

Bahaguwa ta dube ta. Sai ta jawo aljihun teburinta, ta yago auduga, ta mulmula ƙanana guda biyu, ta ajiye su kusa da gwangwanin man zafin.

"Na kunne ne. Kada uwayen su gani, sai su ce wulaƙanci ne. Ki sa ɗankwali ya rufe." Ta tashi ta ɗauko jakar daga kan kabad, ta yage takardar, ta juya ta gaba da baya, ta rataya. "Kai, ashe ma mai kyau ce. Za ta ci kayan jariri. Kuma in kin shigo nan kada ki taɓa min tebur, komai a hagu yake, haka za ki bar shi."

"Ba zan taɓa ba."

"Za ki taɓa. Na san ki."

Suka fita ta ƙofar baya, kowa da kwanonta. Rana ta ɗan karkata, inuwar tankin ta koma gefe ɗaya na bencin, gefen Tsaf. Bahaguwa ta tsaya a kanta da murfin kwano a hannu.

"Yaya, matsa mana."

Tsaf ta matsa. Bahaguwa ta zauna, ta karkata murfin, ta juye mata albasar gaba ɗaya a kan shinkafa.